Yadda Ake Ɗora Tsohuwar Taswirar Takarda a Mazauninta

Idan aka yi sikanin taswirar takarda, hoto kawai ake samu, kwamfuta ba ta san wace ƙasa yake nunawa ba. A manhajar QGIS, da Georeferencer ake sanar da ita.

A ɗauki taswirar Najeriya mai ma'aunin 1:50,000. Ana danna kusurwoyinta huɗu, inda aka buga lambobin digiri, a shigar da na kowace kusurwa, sannan a ƙara wasu ɗigo a tsakiya. Tsarin Polynomial 1 ɗigo 3 ke isarsa, amma kada a tsaya nan. Da 3 kacal kuskure sifili zai nuna, ko da an danna wurin da ba shi ba. Sai an kai 6 ko 8, a warwatse, gurɓataccen ɗigo ke tona kansa. In an yi sikanin a 300 dpi, kowane ƙwayar hoto kusan mita 4 ne a ƙasa.

Tsofaffin taswirorinmu kuwa bisa ma'aunin Minna aka zana su, wato EPSG:4263. Wanda ya zaɓi WGS 84 zai ga hanyoyi sun goce da gomman mitoci. A karanta bayanin gefen takardar kafin a fara.