Yadda ake naɗar shirin kai tsaye da ke zuwa gutsure-gutsure

Wanda ke kallon tafsirin azumi kai tsaye a shafin wata tashar talabijin yana ɗauka bidiyo guda ne ke kwararowa cikin wayarsa. A mafi yawan shafuka ba haka abin yake ba. Tashar tana yanka shirin ƙanana-ƙanana, kowane gutsure kamar daƙiƙa 6, wayar kuma tana saukar da su bi da bi, tana kunnawa ba tare da an ga mahaɗarsu ba. Kamfanin Apple ne ya fito da wannan tsari mai suna HLS a 2009. Tafsirin awa ɗaya da rabi gutsure 900 ke nan.

Abin da ke gaya wa waya gutsuren da za ta ɗauka shi ne wani ɗan fayil na rubutu da sunansa ke ƙarewa da .m3u8. Cikinsa jerin sunayen gutsattsarin ne da tsawon kowanne. A shirin da aka riga aka gama, jerin cikakke ne. A na kai tsaye kuwa, tashoshi da yawa ba sa ajiye komai a jerin sai 'yan na baya-bayan nan. Kamar allon makaranta yake: ana rubuta sabon layi a ƙasa, ana goge tsoho a sama.

Nan ne wahalar take. A ce jerin yana riƙe gutsure shida, wato daƙiƙa 36. Ka sauke mai lamba 1200, sai intanet ta yanke na minti ɗaya. Kafin ta dawo tashar ta fitar da sababbi goma, jerin kuma yanzu ya kama daga 1205 zuwa 1210. Huɗu sun wuce ka, daƙiƙa 24 na bayanin malam. A fayil ɗin da ka samu, za ka ji malam ya fara jimla sai ya tsallaka wata. Shi ya sa idan intanet ɗinka ba ta da ƙarfi, gara ka zaɓi bidiyo mai matsakaicin kyau. Gutsuren daƙiƙa 6 da ke cin daƙiƙa 8 kafin ya sauka zai bar ka a baya sannu a hankali, har jerin ya tsere maka.

Manhajar da masu wannan aiki suka fi amfani da ita kyauta ce, sunanta ffmpeg. Ita ke komawa jerin a kai a kai, tana ɗebo sababbin gutsattsari tana liƙa su:

```
ffmpeg -i "https://example.com/live.m3u8" -c copy -t 5400 tafsiri.ts
```

`-c copy` na nufin a kwafi hoto da sauti yadda suka zo, kada a sake sarrafa su, don haka ko tsohuwar kwamfuta za ta iya. `-t 5400` kuma daƙiƙoƙin awa ɗaya da rabi ne. Idan an yi giɓi irin na ɗazu, ffmpeg za ta rubuta `skipping 4 segments ahead, expired from playlists`. Ka nemi izinin tashar tukuna. Wasu ma suna kulle shirinsu ta yadda ko an sauke ba zai buɗu ba.

Me ya sa aka ajiye shi a .ts, alhali kowa .mp4 ya sani? Fayil ɗin .ts tarin ƙananan ƙunshi ne masu girman bayit 188, kuma ana maimaita bayanin yadda za a karanta su a kan hanya. Duk inda ya katse, abin da aka samu zai kunnu. Shi kuwa .mp4 da aka saba, sai an gama naɗi ake rubuta taswirar abin da ke cikinsa. In aka ɗauke wuta a minti na tamanin, kwamfuta ta mutu, fayil na nan da nauyinsa amma ya ƙi buɗewa, sai saƙon `moov atom not found`. A wurin da wuta ba ta da tabbas, naɗa kai tsaye a .mp4 ganganci ne. A naɗa a .ts, a mayar daga baya:

```
ffmpeg -i tafsiri.ts -c copy tafsiri.mp4
```

Akwai masu sauke gutsattsarin ɗaya-ɗaya su haɗa da kansu. Yana yiwuwa, domin ana iya jona na .ts kai da gindi. Sai dai kwamfuta kan jera sunaye harafi-harafi, ta sa seg10 gaban seg2, sai shirin ya riƙa gaba yana dawowa baya. Dole a bi lamba. In kuma gutsattsarin masu .m4s ne, akwai ɗan fayil na farko da layin `#EXT-X-MAP` ke nunawa a cikin jerin. Shi ake sawa a gaba, domin in babu shi sauran ba za su kunnu ba.