Kafin Ka Saki Hoto: Dusashewa Daban, Rufewa Daban

A ranar 15 ga watan Afrilu na shekarar 2013, bama-bamai biyu suka tashi kusa da inda ake kammala gudun yada-ƙanin-wani na birnin Boston a ƙasar Amurka. Mutum uku suka rasu, ɗaruruwa kuma suka jikkata. Nan da nan jama'a suka shiga tono hotunan da 'yan kallo suka ɗauka, suna zagaye fuskar duk wanda suka gani riƙe da jaka. Bayan kwana uku, jaridar New York Post ta buga hoton wasu samari biyu a shafinta na farko a matsayin waɗanda ake nema, ɗayansu ma ɗalibin sakandare ne. Ashe kallon gudu kawai suka je, ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Sun kai jaridar ƙara, aka kuma sasanta a shekarar 2014, sai dai kafin nan fuskokinsu sun riga sun zagaya duniya.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, mai ɗaukar hoto yana da iko da hotonsa ne kafin ya sake shi. Da zarar ya fita, wasu ne za su yi masa fassara. Wannan maƙala za ta duba dalilin ɓoye fuskokin masu wucewa da lambobin motoci, sa'an nan ta nuna cewa hanyar da galibin mutane suke bi wajen ɓoyewar ba ta ɓoye abin da suke zato.

Ai kowa na gani a titi

Mai karatu na iya cewa, ai fuska da lambar mota ba asiri ba ne, tunda duk wanda ke kan hanya yana ganinsu. Haka ne, amma ganin ido da ganin hoto ba ɗaya ba ne. Wanda ya ga mota a titi yakan manta da lambarta kafin ya isa gida. Shi kuwa hoto ba ya mantuwa, ana iya kwafarsa sau dubu, kuma yana haɗa abubuwa uku wuri guda: mutum, da wuri, da lokaci. Hoton mota a ƙofar wani gida yana iya nuna inda mai ita yake kwana, hotonta a harabar asibiti kuwa yana iya tona cewa ba shi da lafiya. Bugu da ƙari, a ƙasashe irin su Birtaniya an san masu laifi da kwaikwayon lambar wata mota su maƙala a kan mai kama da ita, tarar laifinsu ta riƙa zuwa wa wanda bai ji ba bai gani ba. Hoton da ya nuna lamba da ƙirar mota da launinta ya ba irin waɗannan mutane duk abin da suke bukata.

Manyan kamfanoni ma sun koyi wannan darasi. A shekarar 2007 kamfanin Google ya ƙaddamar da Street View, wato hotunan titunan birane, da fuskokin mutane a fili. Koke-koken jama'a suka yi yawa, saboda haka daga shekarar 2008 kamfanin ya fara dusashe fuskoki, daga bisani ya haɗa da lambobin motoci.

Mene ne hoto a cikin waya?

Domin a gane yadda ake ɓoyewa, sai an fara sanin abin da ake kira hoto. Hoton waya tarin ƙananan ɗige-ɗige ne da aka jera sahu-sahu, kamar zaren saƙa. Hoto mai ɗigo 4,000 a faɗi da 3,000 a tsaye yana da ɗigo miliyan 12. Kowane ɗigo lamba ce da ke nuna yawan haskensa. A hoto marar launi, 0 na nufin baƙi ƙirin, 255 kuma fari fat. Wannan yawan ɗigo shi ya sa fuskar da ba ta kai ƙwayar gero ba a kan gilashin waya take fitowa sarai idan aka zuƙo hoton.

Hanyoyin ɓoyewa da aka saba da su uku ne: murɗewa, da dusashewa, da rufewa. Dukkansu lissafi ne da ake yi wa waɗannan lambobi, kuma tambayar da ta kamata a yi wa kowanne ita ce: bayan an gama lissafin, nawa ya rage daga bayanin asali?

Murɗewa ita ce mafi rauni, domin ɗige-ɗigen kawai take sauya wa wuri, kusan dukkansu suna nan. An ga haka a shekarar 2007, lokacin da wani mutumin Kanada da ke aikata ta'asa a kan yara ya murɗe fuskarsa a hotuna har ta zama kamar ƙawanya. Ƙwararrun 'yan sandan Jamus suka juya murɗin ta baya, fuskar ta dawo, hukumar Interpol ta watsa ta, aka kuma kama shi a ƙasar Tailan cikin watan Oktoba na wannan shekara. A nan abin ya yi kyau tunda mai laifi ne, to amma dabarar da ta tona shi za ta iya tona marar laifi.

Mu gwada da lambar mota

A ce wani malami ya ɗauki hoton kwatar da ta cika ta malala a gaban makarantarsu a Kano, yana so ya nuna wa jama'a domin a gyara. A gefen hoton akwai mota, kuma farantin lambarta ya ci ɗigo 200 a faɗi da 100 a tsaye, wato ɗigo 20,000. Sai malam ya zaɓi dusashewa irin wadda ke mai da wuri gida-gida kamar allon dara.

Ga abin da waya take yi. Takan raba wurin zuwa gidaje, a ce kowanne ɗigo 10 sau 10, ta ɗauki matsakaicin hasken ɗigo 100 da ke cikin gida, ta shafa musu shi duka. Alal misali, idan ɗigo 40 baƙaƙe ne, 60 farare, za a yi 60 sau 255 a raba da 100, a sami 153, wato ruwan toka mai ɗan haske. Da haka farantin ya koma gidaje 200, ashirin a faɗi, goma a tsaye. Ido ba zai karanta komai ba, amma lambobi 200 sun rage, kuma ba da ka suka zo ba. Gidajen da harafin A ya bari sun bambanta da waɗanda harafin M ya bari.

Mai neman tona lambar ba ya bukatar juya lissafin ta baya, cinta kawai zai yi. Lambar mota a Nijeriya, bisa tsarin da aka shigo da shi a shekarar 2011, tana da haruffa uku na ƙaramar hukuma, da alƙaluma uku, da haruffa biyu. Alƙaluma uku ba su wuce zaɓi 1,000 ba, haruffa biyu kuwa 26 sau 26 ne, wato 676. Idan aka haɗa, kowace ƙaramar hukuma ba ta wuce lamba 676,000 ba, jihar Kano mai ƙananan hukumomi 44 kuma ba ta kai miliyan 30 ba. Kwamfuta za ta zana kowace lamba da irin rubutun farantin, ta dusashe ta gida-gida kamar yadda malam ya yi, ta gwada da hoton, ta ware wadda ta fi dacewa. Aikin ma bai kai haka yawa ba, domin ana iya bin haruffan ɗaya bayan ɗaya, kowanne da zaɓin da bai wuce 26 ba. Wannan ba tatsuniya ba ce: a shekarar 2022 wani masanin tsaron kwamfuta, Dan Petro, ya fitar da manhaja mai suna Unredacter wadda ke karanta dusasshen rubutu ta wannan hanya.

Dabarar tana da iyaka. Idan an ɗauki hoton a karkace ko cikin duhu, cintar takan yi wuya. Haka kuma da malam ya yi gidajen manya, ɗigo 50 sau 50, da lambobi takwas kacal za su rage. To amma da ya shafe farantin da launi guda mai kauri, duk ɗigo 20,000 za su koma lamba ɗaya, ba abin da za a gwada da shi. Wannan ita ce rufewa, kuma ita ce hanyar da lissafi ya yarda da ita. Hukuncin fuska ma haka yake, domin wanda ya san mutum yakan gane shi ta siffar kai da launin fata ko da an dusashe shi sama-sama.

Matakan aiki

Da farko, a kwafi hoton a yi aiki a kan kwafin, a adana na asali. Idan hatsari ne ko laifi, na asalin shi za a kai wa 'yan sanda, ba kasuwar jama'a ba. Na biyu, a zuƙo hoton a bi shi kusurwa-kusurwa, a duba gilashin mota da madubi da taga, domin sukan nuna fuskar wanda ke bayan mai ɗauka. Na uku, duk abin da ke gefe a yanke shi, wanda ke tsakiya kuma a rufe shi da akwati mai launi guda, a ɗan zarce iyakarsa. A guji alƙalamin nan mai shara-shara da ake haskaka rubutu da shi, ko da baƙi ne, domin abin da ke ƙasa yakan fito idan aka ƙara wa hoton haske. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a kai hasken hoton ƙarshe, idan inuwar harafi ta bayyana, to rufin bai yi ba.

Na huɗu, kada a saki hoton kai tsaye daga inda aka gyara shi. A nuna shi a kan gilashin waya, a ɗauki hoton gilashin, a saki wannan sabon. Dalilai biyu ne. Na ɗaya, hoton asali yakan ɗauki ɓoyayyen bayani da ake kira EXIF, mai ƙunshe da rana da sa'a, wani lokaci har da ainihin wurin da aka tsaya. Na biyu, a watan Maris na shekarar 2023 aka gano cewa manhajar Markup ta wayoyin Google Pixel tana barin guntun tsohon hoto a ƙarshen sabon, har ana iya dawo da sashen da aka yanke ko aka rufe. An gyara kuskuren, amma hotunan da suka riga suka fita suna nan yadda suke.

Kammalawa

Rufe fuska ba ya rufe komai da komai. Bajen makaranta, da suna a aljihun riga, da allon shago, da tabo a hannu, duk suna iya nuna mutum ga wanda ya san shi. Saboda haka gwaji na ƙarshe shi ne mai hoto ya tambayi kansa: da maƙwabcin wannan mutum zai ga hoton, zai gane shi? Idan amsar i ce, sai a ƙara rufewa, ko a nemi izininsa, idan yaro ne kuma izinin iyayensa. Malam mai hoton kwata bai yi asarar komai ba da ya rufe lambar motar, domin kwatar da yake son nunawa tana nan a fili, mai motar kuwa ba zai taɓa sanin an tsare masa mutunci ba.