Wasiƙar Miji Daga Ƙasar Waje Zuwa Ga Matarsa Mai Juna Biyu

Wasiƙar da magidanci mai neman abinci a ƙasar waje yake aiko wa matarsa mai juna biyu tana yin aiki biyu: kwantar da hankali, da tsara abin da za a yi idan ba ya nan. Yau da yawa saƙon murya suke turowa ta waya, amma tsarin maganar bai sauya ba.

Akan fara da sallama da gaisuwa, a tambayi iyaye da mutanen gida. Kunya ba ta barin a ambaci cikin kai tsaye, don haka sai ya ce, "Yaya jikin naki? Allah Ya raba lafiya." Wannan kaɗai yana nuna mata cewa yana lissafe da watannin.

Sashen da ya fi nauyi shi ne izini. A gidaje da yawa mace ba ta fita sai da yardar mijinta, kuma naƙuda ba ta jiran a samu layin waya. A ɗauki misalin direba a Jidda wanda matarsa take Kano da cikin wata 7. Ana iya kiransa yana kan hanya, ko wayar tana kashe, a ɓata awa 2 ana jira, alhali zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin wannan ɗan lokaci. Miji mai hangen nesa yakan rubuta a fili: "Idan kin ga jini, ko ciwon kai mai tsanani, ko kumburin fuska da hannu, ko zazzaɓi, ko motsin ɗan ya ragu, ki tafi asibiti nan take. Kada a jira ni." Yana da kyau ya maimaita wa mahaifiyarsa wannan magana, domin sau da yawa ita ce mai yanke hukunci a gidan.

Sai batun kuɗi. Jimlar "na turo kuɗi" ba ta wadatarwa. Wasiƙa mai amfani tana rarrabewa: na cefane, na zuwa awo, da na ko-ta-kwana wanda ba a taɓawa ko da biki ya taso. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa awo aƙalla sau 8, saboda haka kuɗin mota ma abin lissafi ne. Akan kuma ambaci mai abin hawan da zai zo ko da tsakar dare, da ɗan'uwan da ya yarda ya ba da jini.

Idan cikin fari ne, wasiƙar takan faɗi lokacin da za ta tafi goyon ciki gidan iyayenta. Daga ƙarshe sai ya wakilta ƙaninsa ko kawunsa ya sayi ragon suna da itacen wankan jego, ya kuma faɗi sunan da yake so a raɗa wa jaririn ranar bakwai.