Ƙarfe Goma na Wace Ƙasa? Yadda Ake Tsayar da Lokacin Intabiyu ta Saƙon Waya

A ce wata ƙungiyar agaji mai hedikwata a Landan tana neman jami'ar lissafin kuɗi da za ta zauna a Kano. Ranar Alhamis, 27 ga Maris, 2025, sai ma'aikacin ƙungiyar ya tura wa wata mai neman aikin saƙo: za a yi mata intabiyu ta bidiyo ranar Laraba mai zuwa, ƙarfe goma na safe agogon Landan. Matar ba ta yi sakaci ba. Ta duba wayarta ta ga a ranar Najeriya tana gaban Landan da awa ɗaya, sai ta rubuta a takarda: Laraba, ƙarfe sha ɗaya. Ranar Larabar, 2 ga Afrilu, ta shirya tsaf, ta kunna data da sha ɗaya saura kwata, ta tarar masu tambayoyin sun jira ta sun gaji tun ƙarfe goma da 'yan mintuna, har sun kira na gaba.

Lissafinta daidai ne a ranar da ta yi shi. Abin da ya faru shi ne, ranar Lahadi, 30 ga Maris, Birtaniya ta tura agogonta gaba da awa ɗaya, kamar yadda take yi kowace Lahadin ƙarshe ta watan Maris. Daga ranar har zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, agogon Landan da na Kano ɗaya ne. Saƙon an tura shi kafin sauyin, ganawar ta faɗo bayansa, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

A ganina nauyin wannan yana wuyan wanda ya tura saƙon. Shi yake zaune a ƙasar da ake taɓa agogo sau biyu a shekara. Mu nan ba a taɓa namu: Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi duk agogo ɗaya suke bi, awa ɗaya gaban agogon GMT, rani da damina. Mutumin da ya tashi a Kano ko Maraɗi ba shi da dalilin zargin cewa ƙarfe goma na wani wuri zai iya matsawa cikin kwana uku. Saboda haka duk mai kiran mutum intabiyu daga wata ƙasa, shi ya kamata ya yi lissafin, ya rubuta lokacin da agogon wanda ake kira, sannan ya ƙara nasa a gefe. Da saƙon ya ce "ƙarfe 10:00 na safe agogon Najeriya, wanda shi ne 10:00 a Landan a ranar", da matar ta ga abin da bai yi daidai da lissafinta ba, ta tambaya tun da wuri.

Ba sai an je Turai ba kafin a yi wannan karo. Ghana tana bayan Najeriya da awa ɗaya, don haka ƙarfe tara na Kumasi ƙarfe goma ne a Kaduna. Sudan tana gabanmu da awa ɗaya, Saudiyya da Kenya da awa biyu, Dubai da awa uku. Indiya kuwa awa huɗu da rabi ce, kuma rabin nan shi ne abin da mai lissafi da ka ya fi mantawa. Waɗannan ƙasashe ba sa sauya agogo, in ka riƙe bambancin sau ɗaya ka riƙe shi ke nan. Masu wahalar su ne Turai da Amurka, domin ba rana ɗaya suke sauyawa ba. Amurka tana tura nata gaba a Lahadi ta biyu ta Maris, ta dawo da shi a Lahadin farko ta Nuwamba. New York tana bayan Najeriya da awa shida a lokacin sanyinsu, da awa biyar a sauran shekara. Idan masu tambayar biyu ne, ɗaya a Landan ɗaya a New York, akwai makonni biyu ko uku a cikin Maris da ko su kansu sai sun sake lissafi.

Gajerun haruffan da ake liƙa wa lokaci ba sa fitar da mutum daga duhu. `IST` na iya nufin agogon Indiya, ko na Isra'ila, ko na Ailan. Mutane da yawa a Amurka suna rubuta `EST` duk shekara, alhali a lokacin zafi `EDT` suke nufi. Sunan gari ya fi aminci: agogon Legas, agogon Yamai, agogon Landan. Kowace waya ta zamani tana da wurin da ake ƙara agogon wasu birane, amma a tuna abin da take nunawa bambancin yau ne, ba na ranar ganawar ba. Wannan ramin ne matar ta faɗa.

Rana ma tana da nata tarkon. Ba'amurke in ya rubuta 4/2 yana nufin 2 ga Afrilu, mu da Ingilawa kuwa 4 ga Fabrairu za mu karanta. Maganin shi ne a rubuta sunan watan da haruffa, a haɗa da sunan ranar: Laraba, 2 ga Afrilu. Sunan ranar mai gadi ne, domin in aka yi kuskuren lamba, wanda ya duba kalanda zai ga ba su haɗu ba. "Gobe" da "jibi" kuma a bar su. Saƙon da aka tura da dare yana iya maƙalewa saboda rashin sabis, ko wayar tana kashe ana jiran wuta, sai da safe ya shigo, goben mai turawa ta zama yau ɗin mai karantawa.

A tsakaninmu mun saba yanke alƙawari da lokacin salla: bayan La'asar, kafin Azahar. Wajen ziyara ko gaisuwar biki wannan ya wadatar. Wajen intabiyu bai isa ba, don lokacin La'asar yana matsawa da yanayin shekara, kuma na Maiduguri ya riga na Sakkwato da kusan rabin awa. A sa lamba, a ce na safe ne ko na rana ko na yamma. Sai dai mai tsara lokaci ya san da sallar, kada ya kira mutum ƙarfe ɗaya da rabi na ranar Juma'a, ko daf da shan ruwa a watan azumi, sannan ya ɗauki roƙon sauyi a matsayin rashin himma.

Tsawon ganawar shi ne abin da aka fi mantawa, ga shi kuwa kalma uku ce kawai. Mai neman aiki sau da yawa yana da wani aikin da yake yi, sai ya nemi izinin fita daga wurin maigidansa. Mai yin ta bidiyo yana bukatar sanin datar da zai saya da cajin da zai tanada, wani ma ɗakin wani zai ara saboda hayaniyar gida. Minti ashirin da awa ɗaya da rabi ba shiri ɗaya suke so ba. Kuma a faɗi gaskiyar tsawon. Idan tambayoyin minti talatin ne amma akwai gwajin rubutu na minti arba'in a bayansu, a rubuta duka biyun. Masu ɗaukar ma'aikata da ke jera mutane ɗaya bayan ɗaya su bar minti goma ko sha biyar a tsakani, in ba haka ba jinkirin mutum na farko zai bi layi har ya ci awa guda ta na ƙarshe.

Ga yadda cikakken saƙo zai kasance a misalinmu:

"Barka da yini, Malama. Daga sashen ɗaukar ma'aikata na ƙungiyar da kika nemi aikin lissafin kuɗi. Muna gayyatarki intabiyu ta bidiyo ranar Laraba, 2 ga Afrilu, ƙarfe 10:00 na safe agogon Najeriya (10:00 a Landan). Za a ɗauki minti 45. Ki amsa da EH kafin Litinin da yamma. In lokacin bai yi miki ba, akwai Alhamis 3 ga Afrilu ƙarfe 3:00 na rana, ko ki kira wannan lambar."

A wurin "ƙungiyar" nan za a sa cikakken sunanta da sunan mai turawa. Saƙon gayyatar aiki daga baƙuwar lamba ya yi ƙaurin suna, saboda 'yan damfara suna tura irinsa su nemi kuɗin fom ko na rajista. Wanda bai faɗi ko shi wane ne ba, ana iya share saƙonsa ba a karanta ƙarshensa ba.

Akwai wani abu da ya shafe mu masu rubuta Hausa. Saƙon tes guda ɗaya yana ɗaukar harafi 160, muddin haruffan Turanci zalla ne. Da zarar ƙ ko ɗ ko ɓ ta shiga, ko da guda ɗaya ce, wayar takan koma wani tsarin da ke ɗaukar harafi 70 kacal. Saƙon da ke sama zai tsattsage ya zama gutsure da yawa, a caji kuɗin kowanne, kuma inda sabis ke rawa wani gutsuren yana iya makara. Don haka a tes a sa rana da lokaci kusa da farko, a rage gaisuwa. A WhatsApp babu wannan iyakar, amma shi ma sai mai karɓa yana da data zai gani, kuma alamar shuɗin layi biyu ba amsa ba ce. Wannan ne amfanin neman a amsa da kalma ɗaya, da sa wa amsar wa'adi.

Hanyar sauya lokaci kuwa, dole ne ta fito daga bakin mai gayyata. Mai neman aiki yana jin nauyi, yana tsoron kada a ce tun ba a ɗauke shi ba ya fara kawo uzuri. Zai ce "to" ga lokacin da ya san yana asibiti da mahaifiyarsa, ya yi ta addu'ar abin ya daidaita. In saƙon ya riga ya ba shi zaɓi na biyu, an sauke masa wannan nauyin. Zaɓi biyu ko uku sun fi tambayar "yaushe kake da lokaci?", wadda takan jawo saƙonni shida ba a tsayar da komai ba.

Idan kai ne mai neman sauyin, ka yi shi da zarar ka san da matsalar, kada ka bari sai safiyar ranar. Dalili a taƙaice ya isa, ba sai ka ba da tarihi ba, amma ka kawo lokutan da za ka iya: "Ranka ya daɗe, na gode da gayyata. Larabar ina da uzurin da ba zan iya ɗagawa ba. Zan samu Alhamis 3 ga Afrilu ƙarfe 3:00 na rana, ko Juma'a ƙarfe 9:00 na safe, agogon Najeriya. Wanne ya fi muku?" Bayan an amince, ɗaya daga cikinku ya sake rubuta sabon lokacin gaba ɗaya, da rana da wata da agogo da tsawo, ya kuma ce an soke na farko. In an riga an tura adireshin shiga ganawar bidiyon, a tambaya ko tsohon yana nan ko za a turo sabo, domin a wasu manhajojin kowace ganawa da nata adireshin, kuma wanda aka soke ba zai buɗe ba.