Abin da sakamakon jarabawa ke ɓoyewa

Idan ɗalibai suka ɗauko sakamakon WAEC ko NECO na makarantarsu na shekara biyar domin aikin ƙididdiga, yawanci sukan fara da ƙirga waɗanda suka ci lissafi. Nan ne tarkon farko yake. A ce a bara ɗalibai 40 suka zauna, 30 suka samu kiredit; bana kuwa 80 suka zauna, 44 suka samu. Wanda ya zana ginshiƙai biyu zai ga na bana ya fi tsawo, ya ce an ci gaba. Ina! Bara 75 cikin ɗari ne, bana 55. Sai an mayar da kowace shekara kashi cikin ɗari kafin a ɗora ta a jadawali.

Matsakaicin maki ma yana da nasa wayon. Yara biyar sun ci 20, 25, 30, 35 da 90 a gwajin aji. Jimilla 200, a raba gida biyar, a samu 40, alhali huɗu daga cikinsu ba su kai 40 ɗin ba. Gwani ɗaya ne ya ja kowa sama. Da an jera makin an ɗauki na tsakiya, wato 30, da an fi kusantar gaskiyar ajin.

Wajen zane kuma, a fara layin tsaye daga sifili. Idan aka fara daga 50, ɗan bambanci sai ya zama kamar dutsen Dala.