Canja Suna Ba Ya Ɓoye Satar Kod

Ɗalibin da ya karɓi aikin abokinsa a darasin rubuta manhaja, abu na farko da yakan yi shi ne sauya sunaye. Inda abokin ya rubuta `jimla`, shi sai ya sa `t`. Ya goge bayanan gefe, ya ƙara layukan da babu komai a cikinsu, ya miƙa wa malami yana ganin ya sha. Sai dai irin wannan kwalliyar ce manhajar bincike ke fara sharewa.

Mafi shahara a cikin manhajojin nan ita ce MOSS, wadda Alex Aiken ya ƙirƙira a 1994, kuma yanzu tana jami'ar Stanford. Malami yakan aika mata ayyukan aji gaba ɗaya, ita kuma ta gwada kowane aiki da kowane. A dubi waɗannan guda biyu:

```python
jimla = 0
for maki in jeri:
    jimla = jimla + maki
```

```python
t = 0
for x in a:
    t = t + x
```

A ido sun bambanta. Amma manhajar takan zubar da bayanan gefe da gurabe, ta mayar da duk sunan da ɗalibi ya raɗa zuwa alama guda. Dukansu biyun sai su koma kamar haka: `V = 0 for V in V : V = V + V`. Ƙashin aikin kaɗai ya rage.

Daga nan sai ta yanka wannan jeri zuwa gutsattsari masu tsawo ɗaya, kowane yana hawa kan na bayansa, ta lissafa wa kowane gutsure lamba. Ba duka take ajiyewa ba. A ce lambobin su ne 52, 19, 80, 33, 7, 64, kuma ana duba uku-uku a jere ana ɗaukar mafi ƙanƙanta. Ukun farko da na biyu za su ba da 19, na uku da na huɗu su ba da 7. Waɗannan biyun su ne zanen yatsan aikin. Aiken da abokan aikinsa biyu sun bayyana dabarar a 2003, kuma ƙarfinta shi ne duk wani kwafi da ya kai wani tsawo dole ya bar aƙalla zane ɗaya iri ɗaya a ɓangarorin biyu. Shi ya sa ɗauke sashe daga sama a kai shi ƙasa ba ya tsinana komai.

To amma kamanni ba shi ne laifi ba. Layuka ukun can, rabin aji za su iya rubuta su iri ɗaya ba tare da sun ga juna ba, domin hanyoyin tara maki ba su da yawa. Saboda haka malami yakan nuna wa MOSS kod ɗin da shi ya raba wa kowa da umarnin `-b` don ta tsallake shi, kuma takan yi watsi da abin da ya bayyana a ayyuka da yawa. Masu ita ma sun faɗa ƙarara cewa alƙaluman da take fitarwa ba hujjar sata ba ne, sai mutum ya zauna ya duba. Abin da ke tona asiri yawanci kuskure ne: ɗalibai biyu su tsallake maki na ƙarshe a wuri guda, ko su bar layi marar amfani iri ɗaya. Idan aka kira ɗalibi ya bayyana dalilin layin ya kama inda-inda, magana ta kusa ƙarewa.

Ina iyakar take, ke nan? Darasin CS50 na jami'ar Harvard ya shata ta a inda ya dace: mai neman taimako yana iya nuna nasa kod ɗin, amma ba zai kalli na wani ba. Aboki ya karanta saƙon kuskure tare da kai, ya ce ka sake duba inda ƙirgarka ta tsaya, wannan taimako ne. Da zarar ya buɗe nasa a gabanka, ko ya turo hotonsa a waya, ko ya karɓi kwamfutarka yana bugawa, an ƙetare. A wasu jami'o'in Amurka akwai ƙa'idar da ta ce a tattauna, amma kada a tafi da rubutu, a kuma yi kamar rabin awa ana wani abu daban kafin a fara bugawa, don abin da ya saura a kai ya zama fahimta.

Mai bayarwa ma ba ya tsira, domin manhajar ba ta san wa ya fara rubutawa ba, sunaye biyu take jerawa. Ga wanda ya riga ya afka, CS50 ta buɗe ƙofa tun 2014: idan ya kai kansa cikin awa 72, ana iya ba shi sifiri a aikin ba tare da an kai shi gaban kwamitin ladabtarwa ba, matuƙar bai maimaita ba.