Takardar Bayanin Kai ta Malamin Makaranta: Abin da Ake Sawa da Yadda Ake Tsara Shi

Takardar bayanin kai, wadda aka fi sani da CV, ita ce takardar da malami ke haɗawa da wasiƙar neman aiki domin nuna karatun da ya yi, inda ya koyar, da abin da koyarwar tasa ta haifar. Shugaban makaranta ko kwamitin ɗaukar malamai kan duba takardu masu yawa a zama ɗaya, saboda haka shafi ɗaya ko biyu sun wadatar. Abin da ke bambanta takarda mai ƙarfi da mai rauni shi ne ko za a iya tabbatar da abin da ke cikinta. "Ni malami ne mai hazaƙa da ƙwazo" magana ce da kowa zai iya rubutawa. Sunan darasi, yawan ɗalibai da sakamakon jarrabawa kuwa abubuwa ne da ake iya bincika a rijista da kundin maki.

Bayan suna, lambar waya da adireshi, sashe na farko shi ne na shaidar karatu. A Najeriya, mafi ƙarancin shaidar da ake shiga aikin koyarwa da ita ita ce NCE, wadda kwalejojin ilimi ke bayarwa. Sama da ita akwai digirin fannin ilimi, kamar B.Ed. Wanda ya yi digiri a wani fanni dabam, misali kimiyyar sinadarai ko tarihi, yakan ƙara da diflomar PGDE kafin a ɗauke shi a matsayin horarren malami. Ana jera shaidun daga ta baya-bayan nan zuwa ta farko, kowace da sunan makaranta, shekarar kammalawa da kuma fanni. Ambaton fannin ya zama dole, domin "NCE, 2016" kawai bai gaya wa mai dubawa ko malamin lissafi ne ko na Hausa ba. A wannan sashe ake sa lambar rajista ta Hukumar Rajistar Malamai ta Najeriya, wato TRCN, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 31 ta 1993. Wanda ya rubuta jarrabawar hukumar amma takardarsa ba ta fito ba, sai ya faɗi hakan yadda yake. Mai digiri kuma ya nuna shekarar da ya yi wa ƙasa hidima, ko takardar da ta ɗauke masa ita.

Sashe na biyu shi ne darussan da aka koyar. A ƙarƙashin kowace makaranta ana rubuta shekarun da aka yi, darasin, matakin ajin, da yawan darussa a mako. Koyar da lissafi a aji ɗaya na ƙaramar sakandare ba daidai yake da shirya 'yan aji uku na babbar sakandare domin jarrabawar WAEC ko NECO ba, kuma makarantar da ke neman malami ta san wanne take buƙata. Da yake ƙarancin malamai kan sa a ɗora wa mutum darasin da ba nasa ba, ya kyautu a ware fannin da aka karanta daga wanda aka riƙe na ɗan lokaci. Jera darussa bakwai ko takwas a layi ɗaya yakan jawo shakka, kuma a wurin intabiyu ana iya miƙa wa mutum alli a ce ya koyar da kowanne daga cikinsu. Wanda bai taɓa aiki ba sai ya sa koyarwar gwaji da ya yi yana kwaleji, ya kuma kira ta da sunanta.

Yawan ɗalibai a aji shi ne abin da aka fi mantawa, alhali shi ke ba sauran bayanan ma'ana. Tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, da malami ɗaya ga ɗalibai 40 a babbar sakandare, amma a makarantun gwamnati da yawa ajin kan zarce haka nesa ba kusa ba. Malamin da ya riƙe aji mai ɗalibai 80 ya nuna iya tsawatarwa da juriyar duba tulin littattafai. Wanda ya saba da aji mai ɗalibai 20 kuma zai iya nuna yadda yake bin kowane yaro ɗai-ɗai. Ana rubuta yawan azuzuwan da matsakaicin adadin kowanne, domin "ɗalibai 180" na iya nufin azuzuwa uku ko shida.

Sashen ci gaban ɗalibai shi ne mafi wuya, kuma a nan aka fi yin kuskure. Ƙa'idarsa ita ce a faɗi inda aka faro, inda aka kai, da adadin ɗaliban da ake magana a kansu. A ɗauki misalin wata malamar lissafi da ta rubuta da farko cewa ta koyar a sakandare kuma ɗalibanta sun samu nasara sosai. Da ta koma kan kundin maki, sai ta ga cewa a aji biyu na ƙaramar sakandare mai ɗalibai 60, guda 24 ne suka kai maki 50 a zangon farko, amma a zango na uku sun zama 39. Sai ta sake layin kamar haka: "Lissafi, aji biyu na ƙaramar sakandare, azuzuwa 3 masu ɗalibai kusan 60 kowanne, darussa 15 a mako. A ajin da nake riƙe da shi, masu samun maki 50 ko fiye sun tashi daga 24 zuwa 39 cikin 60 tsakanin zangon farko da na uku, bayan na fara gwajin mako-mako da darasin gyara ranar Laraba." Wannan tashi ne daga kashi 40 zuwa kashi 65 cikin ɗari, kuma layin ya faɗi dalilinsa.

Irin wannan lissafi yana da iyaka. Jarrabawar da malami ya tsara ya kuma duba da kansa ba ta kai ta waje nauyi ba, domin maki na iya tashi don tambayoyin sun yi sauƙi. Shi ya sa sakamakon BECE, WAEC ko NECO ya fi gamsarwa, inda a biyun ƙarshe ake ƙidaya waɗanda suka samu kiredit, wato daga A1 zuwa C6. Kaso kaɗai ba tare da adadi ba yana iya ruɗarwa: "kashi 100 sun ci" ba abin a zo a gani ba ne idan ɗalibai 8 kawai aka yi wa rajista bayan an tace masu rauni. Haka kuma, idan malamai biyu ne suka raba darasin, ko ɗaliban sun zo hannun mutum a shekarar ƙarshe kawai, gaskiya ita ce a faɗa. Ba a sa sunayen ɗalibai a takardar.

Sai ƙarin ayyuka, kamar zama malamin aji, jami'in jarrabawa, shugaban sashe, mai tsara jadawali, malamin wasanni, mai kula da ɗakin kwana a makarantar kwana, ko sakataren ƙungiyar iyaye da malamai. Sunan muƙamin kaɗai bai isa ba sai an haɗa da abin da aka yi da shi. Jami'in jarrabawa, misali, zai faɗi ɗalibai nawa ya yi wa rajista da kuma a wace shekara. Uku ko huɗu da suka dace da makarantar da ake nema sun fi dogon jeri amfani: makarantar kwana za ta kula da wanda ya taɓa riƙe ɗakin kwana, makarantar da ke yin jarrabawa a kwamfuta kuma za ta kula da wanda ya iya shigar da maki a na'ura.

Takardar kan ƙare da masu ba da shaida biyu ko uku, ɗaya daga cikinsu shugaban makaranta ko shugaban sashen da ya ga koyarwar mutum da idonsa, kuma ana neman izininsu tun kafin a sa sunansu. Kafin miƙawa ana gwada shekarun da ke takardar da na satifiket, a tabbatar rubutun suna iri ɗaya ne a ko'ina, sannan a bayyana duk wani giɓi na shekaru a taƙaice. Kwafin takardun shaida ake haɗawa, na asali kuma a riƙe su sai ranar tantancewa.